Hatimi bai ci rubutu ba, sikanin baƙi da fari ne ya ci shi

Abin da ya ishe ni kwanan nan shi ne yadda ake ta yayata manhajojin da wai suke "goge hatimi" daga fom, su cike haruffan da ya rufe da kansu. Masu wannan ra'ayi sun bar jaki suna dukan taiki. Ɓarnar tana faruwa ne tun a lokacin sikanin, sa'ad da ma'aikaci ya zaɓi baƙi da fari zalla don fayil ya yi ƙanƙanta.

A ce ga fom, an buga lamba 4381 da baƙar tawadar firinta, sai aka danna shuɗin hatimi a kan 3 ɗin. A hoto mai kala, kowane ɗigo yana ɗauke da ma'auni uku: ja, kore da shuɗi. Shuɗiyar tawada tana mayar da shuɗin haske, saboda haka idan aka ware sashen shuɗi kaɗai, hatimin ya kan dusashe ya kusa sajewa da takarda, baƙin rubutu kuwa yana nan daram. Layin umarni guda na ImageMagick, manhajar sarrafa hotuna, ya isa:

```
magick fom.png -channel B -separate tsabta.png
```

Jan hatimi sai a sa `R` a maimakon `B`. Daga nan a miƙa wa Tesseract ko wata manhajar OCR, wato mai gane rubutu daga hoto, ta karanta. Babu abin da aka ƙaga, 3 ɗin da ke ƙasa ce ta fito.

To amma idan tun farko an mayar da shafin baƙi da fari, zoben hatimin da lambar sun zama baƙi iri ɗaya. Gefen zoben ya rufe bakin 3, ta koma 8, kuma babu manhajar da za ta iya raba su. Wadda ta ce ta iya, cinke take yi. A sunan mutum wataƙila a gane kuskuren, amma a lambar asusu ko kwanan wata, wa zai lura?

Za a ce kala tana cin wuri. Gaskiya ne, shafin A4 a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ya kai megabait 26 kafin a matse shi, baƙi da fari kuwa kusan 1. Sai dai wurin ajiya ya fi araha a kan neman takardar da aka riga aka jefar. A dai guji matse shi da JPEG fiye da kima, don tana dama kala a gefen haruffa.

Na yarda dabarar tana da iyaka. Sa hannu ko ɗan bayani da baƙin biro a kan baƙin rubutu ba ya rabuwa ta kala. Kalmomin fom na dindindin ana iya ɗauko su daga kwafin da ba a cike ba. Lambar da biro ya ratsa kuwa, sai manhaja ta yi mata alama, ta yanko wurin ta nuna wa mutum, shi kuma ya ɗauko takardar asali ya duba.