Taken wanke hannu: a bar wa yara "Kumfa kafin loma"

Duk ranar 15 ga Oktoba ake bikin Ranar Wanke Hannu ta Duniya, wadda aka fara a 2008, kuma duk shekara sai an manna takardu a bangon makarantu masu cewa "Ku wanke hannu kafin cin abinci." Ni a ganina wannan take asarar fenti ne a ƙasar Hausa, domin yana umartar yaro da abin da yake ganin ya riga ya yi. Wane ɗa ne zai sa hannu a tuwo bai wanke ba, uwarsa tana kallo?

Matsalar tana ga yadda ake wankin. A gidaje da yawa ruwa ake zubawa a kwano ɗaya, babban wa ya tsoma hannun dama ya kaɗa, na bi masa ya tsoma, har a zo kan auta, wanda ya fi kowa raunin jiki, ya tarar da ruwan ya yi duhu. Babu sabulu, kuma hannun hagu bai ga ruwa ba. Ƙwayoyin da ke kawo gudawa, taifot da kwalara daga kashi suke tasowa, su maƙale a maiƙon fata da ƙarƙashin farce. Sabulu ne ke ɓamɓare maiƙon, ruwan da aka kwarara kuma ya tafi da shi. A kwanon taro kuwa dattin nan yake zama, sai dai a raba shi tsakanin 'yan'uwa.

Ghana ta ci karo da irin wannan tun 2003. Masu bincike, cikinsu har da Val Curtis ta makarantar nazarin tsafta da cututtuka ta Landan, sun gano cewa akwai sabulu a yawancin gidaje, amma mutane ba sa ɗaukarsa sai in sun ji hannunsu da maiƙo ko ƙazantar da ido ke gani. Sai aka yi tallar talabijin da ta nuna uwa ta fito daga banɗaki da wani launi a hannunta, launin yana bin duk abin da ta taɓa har abincin yaranta. Ba a yi wa'azin cuta ba, ƙyama aka tayar. Bayan gangamin, masu cewa suna wanke hannu da sabulu kafin cin abinci sun ƙaru da kashi 41 cikin ɗari. Faɗar bakinsu ce, don haka a rage mata gishiri, amma ta nuna cewa saƙon da ya taɓa abin da mutum ke ji ya fi wanda ke ba shi umarni.

Shi ya sa nake goyon bayan take irin "Kumfa kafin loma." Kalma uku ce, ɗan aji ɗaya zai haddace ta, ana kuma iya rera ta da tafi. Ta ambaci lokacin, wato dab da kai abinci baki. Mafi amfani, ta ba yaro abin da zai duba da idonsa: ƙwayar cuta ba ya ganinta, amma kumfa yana gani, kuma kumfa ba ta tashi sai an cuɗa hannu biyu. In malami ya sa a rera taken ana cuɗawa har daƙiƙa 20 da masana lafiya ke ba da shawara, aiki ya yi. Yara kuma gwanayen tona asiri ne, sai ka ji ƙanwa ta ce, "Yaya, ina kumfarka?"

Ga layi na biyu da zai kori kwanon taro ba tare da an zagi al'adar kowa ba: "Zuba min, in zuba maka." Buta dai babu gidan da ba ta.

Za a ce sabulu ya yi tsada, kuma makarantu nawa ne ke da famfo? Gaskiya ne, take ba ya kawo ruwa. A wasu makarantun firamare biyu na ƙauyen Bangaladash, an gina wurin wanke hannu, aka zana sawun ƙafa daga banɗaki zuwa wurin, sai masu wankewa da sabulu suka tashi daga kashi 4 zuwa 68 cikin ɗari, ba tare da an yi wa yaran darasi ba. Don haka a rubuta taken a jikin bokitin ruwa, kusa da inda masu sayar da awara da ɗanwake ke zama lokacin tara, maimakon ƙofar ofishin hedimasta. Inda sabulun sanda ke ɓacewa, a jiƙa garin omo a gora a huda murfin, ya isa aji guda.

Kafin ma'aikatar lafiya ta biya kuɗin bugawa, ta gwada taken: a faɗa wa 'yan aji biyu sau ɗaya, a dawo washegari a ji nawa ne suka riƙe, sannan a tsaya nesa lokacin tara a ƙirga hannayen da suka yi kumfa.