An sallame ka a Garwa, wa zai ciyar da kai?

Duk wanda ke ce wa ma'aikacin da aka rage daga aiki a Kamaru ya je ya karɓi kuɗin rashin aiki, to labarin Faransa ya ji. Can, wanda ya yi aikin wata 6 cikin wata 24 na ƙarshe yana yin rajista, ya jira kwana 7 ko fiye, sannan a riƙa biyansa, har wata 18 ga wanda bai manyanta ba, muddin yana neman aiki yana kuma sanar da halinsa kowane wata. A Kamaru babu wannan inshorar ko kaɗan. Ana yanke kashi 4.2 cikin ɗari na albashinka zuwa CNPS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, amma na fansho ne. Ranar da aka rufe maka ƙofa, sisi ba ya fitowa daga can saboda zaman banza.

Babban abin da ya rage shi ne kuɗin sallama, shi ma sai ka cika shekara 2 a wurin. Wata 23 ka yi? Sai dai Allah ya ba da haƙuri! A ɗauki direban wani kamfani a Garwa, shekara 8 yana aiki, matsakaicin albashinsa na wata 12 na ƙarshe sefa 150,000. Shekara 5 na farko, kowacce kashi 20 cikin ɗari na albashin wata, ya zama 150,000. Sauran 3 kuwa kashi 25, wato 112,500. Jimla 262,500, sai in yarjejeniyar sana'arsu ta fi haka. Shekara takwas yana kwana a hanyar Ngaundere, ladansa bai kai albashin wata biyu ba. Haya, buhun dawa, kuɗin makarantar yara, kafin wata uku babu ko ƙura.

Ko wannan ɗin ma ana cinye wa mutane. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ta 1992 ya wajabta wa mai kamfani ya zauna da wakilan ma'aikata a gaban sufeton ƙwadago, a nemi wata mafita kamar rage awannin aiki, kafin a kori kowa saboda matsin tattalin arzikin kamfani. Wanda aka sallama kuma shi ke da fifiko har shekara 2 idan za a sake ɗaukar irin aikinsa. Amma sai a kira mutum ofis, a tura masa takarda da Faransanci, a ce sa hannu ka karɓi naka. In takardar ta ce kai ka ajiye aiki don kanka, kuɗin sallama ya tafi ke nan. Kada ka sa hannu sai wanda ya iya karatu ya karanta maka, ka kuma adana takardun albashi 12 na ƙarshe, domin da su sufeto zai yi lissafi.