Ciniki na ta hauhawa, aljihu na ta bushewa: ina kuɗin suke shiga?

Akwai wani kuka da ake yawan ji a bakin masu sari, musamman a kasuwa irin ta Singa a Kano: kasuwa ta buɗe, motoci na ta lodi, littafi na nuna riba, amma ranar da kamfani ya ce a turo kuɗin sabon kaya sai a duba asusu a ga wayam. Abin da ke fara zuwa zuciyar maigida shi ne yaran shago suna yi masa ɓarna. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ba wanda ya taɓa ko sisi, cinikin ne da kansa ya haɗiye kuɗin. Ni a ganina ɗan kasuwar da ya san adadin cinikinsa na wata, amma bai san kwana nawa nairarsa ke yi a waje kafin ta dawo ba, bai san rabin kasuwancinsa ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani mai sarin kayan masarufi, taliya da sukari da man girki, yana cinikin naira miliyan 30 a wata, wato miliyan 1 kullum. Kayan da yake sayarwa a miliyan 1 ya saro su ne a dubu 900. Idan an sauke masa kaya sukan yi kwana 20 a sito kafin su ƙare. Masu kanti na unguwanni da na ƙauyuka suna ɗauka bashi, sai bayan kwana 25 su kawo kuɗi. Shi kuma babban dilan da ke ba shi kaya yana ɗaga masa ƙafa kwana 10. To haɗa 20 da 25, ka cire 10: kwana 35 ke nan kuɗinsa na kansa ke yi a waje kafin su dawo hannunsa. Wannan shi ne zagayen jarin da ake juyawa.

Idan aka mayar da kwanakin nan kuɗi sai abin ya fi fitowa fili. Kayan kwana 20 a sito miliyan 18 ne. Bashin kwana 25 da yake bin mutane miliyan 25 ne. Wanda ake bin sa na kwana 10 miliyan 9 ne. Saura miliyan 34 da dole su kasance a ɗaure a kowane lokaci, in dai yana son shagon ya ci gaba da tafiya yadda yake. Kuɗinsa ne, ba wanda ke musu, amma ba zai iya biyan haya ko kuɗin mota da su ba.

Yanzu a ce Allah ya buɗa, ciniki ya tashi daga miliyan 30 zuwa 45 a wata. Kwanakin ba su canza ba, amma abin da ke ɗaure ya ƙaru da rabi, ya koma miliyan 51. Ana buƙatar sabuwar miliyan 17 ke nan, kuma ana buƙatarta ne tun kafin kuɗin sabon cinikin su fara shigowa. Ribarsa fa? A kan miliyan 45 yana samun miliyan 4 da rabi. In ya cire haya da albashi da sufuri da 'yan dako, a ce miliyan 2, saura miliyan 2 da rabi. Kusan wata bakwai zai yi yana zuba ribar gaba ɗaya cikin shago kafin ya cike giɓin, wannan ma in bai ɗauki kuɗin cefane ba, bai biya kuɗin makarantar yara ba. Ga mutum mai riba ta halal kowane wata, amma ranar biyan dila sai ya fara buge-bugen waya yana neman rance.

Kuma a zahiri kwanakin ba sa tsayawa inda suke. Ta yaya ake samun sababbin masu saye? Yawanci da sassauci: “Alhaji, ɗauki, in ka sayar ka kawo.” Sabon abokin ciniki da ba a gama sanin halinsa ba shi ne ya fi jan ƙafa. Idan kwana 25 ɗin nan ya zame ya koma 35, a cinikin miliyan 1 da rabi kullum, wata miliyan 15 ta sake fita daga hannu, alhali littafin riba bai nuna komai ba.

Tsadar kaya ta ƙara dagula lissafin. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Mai sarin da ya ga cinikinsa ya tashi da kashi 30 a irin wannan shekara yana iya zama bai ƙara ko kwali ɗaya ba, lambobi ne kawai suka kumbura. Amma miliyan 34 ɗinsa sai ta koma sama da 44 kafin ya riƙe adadin kayan da ya saba. Kayan da ke sito ana iya sa musu sabon farashi. Bashin da ke waje kuwa da tsohon farashi zai dawo, kuma ba zai sayi kwalayen da aka ɗauka ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi: a kasuwarmu bashi amana ce da zumunci, in ka hana, maƙwabcinka zai bayar, mai sayen kuma ya tafi ke nan. Gaskiya ne, ba kuma cewa nake a daina bayarwa ba. Abin da nake ƙi shi ne bayarwa ba iyaka, ba ranar biya. Kowane mai ɗauka ya kamata a san iya abin da za a bi shi, kuma kada sabon kaya ya fita sai kuɗin tsohon sun shigo. Kwana biyar kacal da aka rage a kan bashin nan na cinikin miliyan 45 yana sako miliyan 7 da rabi. Haka ma sito: nau'in kayan da ke wata biyu bai motsa ba gara a sake shi ko da a kuɗin sari ne.

Wasu kuma za su ce a je banki. Rance yana da wurinsa, amma ba shi ne matakin farko ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba ƙananan 'yan kasuwa. A ce kashi 30 a shekara: miliyan 17 za ta ci kusan dubu 425 duk wata, daga ƙarin ribar da duka-duka miliyan 1 da rabi ce kafin a cire ɗawainiya. Bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa su ma suna ɗora ribarsu a kan kayan da suka saya maka, suna kuma da ranar biya da ba ta jiran mai kantin ƙauye. Wanda bai gyara kwanakinsa ba, rancen ma cikin bashin mutane zai narke.

Ba kowace sana'a ce ke da wannan ciwo ba. Mai abincin sayarwa da ke karɓar kuɗi nan take, ta kuma biya mai shinkafa bayan mako, ita ƙaruwar ciniki kuɗi take kawo mata. Haka telan da ke karɓar kafin alƙalami. Ciwon na wanda ke biya da wuri ne ya karɓa a makare.

Gane shi ba ya buƙatar akanta. A ƙarshen kowane wata a raba jimillar bashin da ake bin mutane da cinikin rana ɗaya, a raba kuɗin kayan da ke sito da abin da ake fitarwa a rana a farashin sari, a yi haka ga bashin dila, sannan a rubuta lambobin uku kusa da na watan jiya. In ciniki ya ƙaru da kashi 20 amma bashin da ke waje ya ƙaru da kashi 40, ko aka fara biyan dila kashi-kashi alhali da a dunƙule ake biya, to kafin a karɓi wani sabon mai ɗaukar kaya bashi sai a fara lissafa miliyan nawa zai ɗaure, da inda za su fito.