WordPress kyauta ce, amma shafin da za ka gina da ita ba kyauta ba ne

"Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. An ce WordPress kyauta ce, don me zan riƙa biyan kamfanin gina shafukan intanet na Wix kuɗi duk wata, ko in ɗauki mai rubuta manhaja?"

Alhaji, manhajar ce kawai kyauta. Sunan shafin da wurin ajiye shi a intanet haya ne, duk shekara sai ka sabunta. Kuma WordPress ba ta zuwa da shago a cikinta, sai an ɗora mata ƙarin manhajar ciniki mai suna WooCommerce, sannan a haɗa Paystack don karɓar kuɗi. Waɗannan ƙarin suna bukatar mai sabunta su a kai a kai. In aka yi sakaci, ta nan ɓarayin intanet suke shiga, sai ka ga shafinka yana tura mutane wajen tallan caca.

Kuɗin da Wix ke karɓa na ɗauke maka wannan ɗawainiya ne, sai dai ranar da ka so tashi, ba za ka iya kwashe shafin ka kai wani wuri ba, sabon gini za ka yi.

In kayanka ba su da yawa kuma cinikin a WhatsApp yake ƙarewa, Wix ta ishe ka. Rubuta manhaja daga tushe kuwa, bar shi tukuna, sai in kana da tsarin sari ko na bashin dillalai da WooCommerce ta kasa ɗauka.