Darakta na tsaye, kai kana ba da tarihi

Shekara 7 na yi ina aikin gwamnati a Kaduna kafin na dawo Manchester, inda yanzu nake aiki a wani babban ɗakin ajiyar magunguna. A gida na saba da yadda ake rubuta wa manya rahoto: ka fara da cewa an umarce ka, ka kawo lambar wasiƙar da ta kafa kwamiti, ka jera sunayen 'yan kwamiti da muƙamansu, sannan ka ɗauko labari tun daga tushe. Abin da ya lalace sai wajen shafi na 4 ake cin karo da shi. Ban taɓa ganin aibin haka ba, don haka muka taso. Ko rasuwa za ka sanar, ai sai an gaisa, an tambayi gida da gajiya, sannan ka ce wane jiki ya yi tsanani.

Wani daren Juma'a ɗakin sanyinmu na 3 ya samu matsala. Magungunan da ke ciki, irin su insulin da alluran rigakafi, ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Fankar injin sanyi ta tsaya, zafi ya hau, saƙon gargaɗi kuma ya tafi wayar wani ma'aikaci da ya bar aiki wata 2 da suka wuce. Ni aka ba rubuta rahoton. Ya kai shafi 23, da jadawalin zafi na kowane minti 5, da bayanan masu aikin dare, da hotuna. A samansa na sa abin da na kira taƙaitawa, shafi ɗaya da rabi, na fara da ƙarfe nawa masu aikin yamma suka tashi.

Daraktarmu a tsaye ta karanta, jaka a kafaɗa, za ta shiga wani taro. Ba ta kai rabin shafi ba ta ɗago ta yi mini tambaya uku: akwai maganin da ya fita zuwa hannun marasa lafiya? Nawa muka yi asara? Me kake so in yi yau? Duk amsoshin suna cikin rahoton, ɗaya a shafi na 9, ɗaya a na 17, ta ukun kuwa a sakin layi na ƙarshe. Na ji haushi a ranar, na ce a raina mutanen nan ba su da haƙuri. Da na kwana na gane cewa abin da na rubuta labari ne na gutsure, kuma na jera shi yadda ni na gano abubuwa, alhali ita tana buƙatarsa yadda za ta yanke hukunci.

Ga yadda na sake rubuta shi, na mayar da shi Hausa:

"Daren Juma'a zafin ɗakin sanyi na 3 ya wuce digiri 8 na tsawon awa 5 da minti 40, ya kai har 11. Babu maganin da ya fita daga ɗakin, an killace katan 412 gaba ɗaya, kuɗinsu fam 186,000. An gyara injin ranar Asabar da safe, zafi ya koma daidai. Fanka ce ta lalace, kuma ba a farga da wuri ba saboda lambar wayar da ke karɓar gargaɗi ba a sabunta ta ba. Kamfanoni 2 cikin 5 da suka yi magungunan sun tabbatar nasu bai lalace ba, muna jiran 3, don haka ba a san ainihin asarar ba tukuna. Ana neman amincewarki kafin Laraba a yi hayar kwantenar sanyi a kan fam 9,000, in ba haka ba odar shagunan magani 14 za ta makara."

Na karanta shi da ƙarfi ina duba agogo, bai kai minti ɗaya ba. Wannan gwajin nake yi har yau, don baki ba ya tsallake layi kamar yadda ido ke yi.

Jimla ta biyu ce ta fi kowacce tsada. Mai karanta labarin matsala, zuciyarsa tana kan mafi munin abin da ka iya faruwa, kuma har sai ka cire masa wannan fargaba ba ya jin sauran abin da kake faɗa. A wurinmu fargabar ita ce lalataccen insulin ya isa ga mai ciwon sukari. A masana'anta tambayar ita ce ko wani ya ji rauni, a banki ko kuɗin jama'a sun fita. In amsar mai daɗi ce, faɗe ta da wuri. In marar daɗi ce, ka fi gaggawar faɗa.

Sai batun fam 186,000. Wani abokin aiki ya so in rubuta cewa wannan ce asarar, don a ɗauki abin da muhimmanci. Na ƙi. Kuɗin kayan da aka killace daban, kuɗin kayan da za a zubar daban, kuma kamfanin da ya yi magani ne kaɗai ke da bayanan gwajin da za su nuna ko ya jure sama da awa 5 a zafin da ya kai har digiri 11. Darakta za ta ɗauki duk lambar da ta gani a sama ta maimaita wa nata manyan. In ta faɗi lamba da safe ta janye da yamma, gobe ba za ta yarda da taƙaitawarka ba, sai ta koma karanta shafi 23 da kanta.

Kada a ɗauka komai na nan daidai ne. Mutanen nan ma suna da nasu ɓoyon, sai dai da lafazi mai laushi suke yi. Za ka ga an rubuta cewa an ɗan samu kaucewa daga ma'auni, ko akwai damar ingantawa, alhali kaya na ɗumama. A 2003 kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse da mutum 7 a ciki, sanadin wani abu da ya bugi fiffikensa lokacin tashi. Kwamitin bincike ya soki wani shafin bayani da injiniyoyi suka gabatar tun kumbon yana sama: kanun shafin mai kwantar da hankali ne, gargaɗin cewa gwaje-gwajen da aka dogara da su ba su kai girman abin da ya bugi fiffiken ba yana can ƙasa cikin ƙananan layuka. Mu muna binne magana da dogon tarihi, su da tattausan kalmomi.

Na san abin da abokaina na ma'aikata za su ce. Ƙaramin ma'aikaci a gida ba ya ce wa darakta ka sa hannu kafin Laraba, kuma duk wanda ya bayyana sanadi a fili, takardar tuhuma na iya biyowa kan wani, wataƙila ma kansa. Wannan tsoro gaskiya ne, shi ne ma ainihin abin da ke sa rahotanninmu kewaye-kewaye. Amma duba jimlata ta sanadi: ban ambaci sunan kowa ba, na ce lambar waya ba a sabunta ba. Wanda ya kamata ya sabunta yana shafi na 12 ga mai son sani. Wa'adin kuma ba ni na sa wa darakta ba, odar shagunan ce ta sa mana duka. Kuma ai muna da salon a gida: mai karanta labarai a rediyo da kanun labarai yake farawa, ba wanda ya taɓa cewa ya yi rashin ladabi.

Kwanaki na tura wa wani ƙanina da ke aiki a wani asibiti a Zariya wannan misali, don injin wutarsu ya mutu da dare, an ce ya rubuta rahoto. Ya bi tsarin sarai, jimla shida. Sai dai ya ƙara layi ɗaya a sama: "Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa." Ya tambaye ni ko ya cire. Na ce, Malam, bar shi, daƙiƙa uku kawai zai ci.