Farashin da kamfanoni 'yan gida ɗaya ke yanka wa juna

"Kamfani ya sayar wa reshensa na wata ƙasa kaya a farashin da shi ya yanka, ai wannan kauce wa haraji ne kawai."

Ba lallai ba ne. Dole a sa wa kayan farashi, domin kowace ƙasa na karɓar haraji ne a kan ribar da aka samu a cikinta. Ƙa'idar da yawancin ƙasashe ke bi, wadda ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe ta OECD ta fayyace a jagorarta ta 1995, ita ce a yi cinikin kamar da bare ake yi.

A ce masana'anta tana ƙera na'ura a kan dala 60, a ƙasar da harajinta kashi 30 cikin ɗari ne. 'Yar'uwarta, inda haraji kashi 10 ne, tana karɓar na'urar daga wurinta ta sayar dala 110. In bare na saye dala 100, haka ya kamata a rubuta: ribar 40 a nan, 10 a can, haraji dala 13. In aka rubuta dala 70, ribar ta koma 10 a nan, 40 a can, haraji ya sauko dala 7. Nan ne ɓarnar take, kuma hukumar haraji na da ikon gyara lissafin ta bi bashin giɓin.

Abin da ya fi wuya shi ne kuɗin amfani da sunan kamfani ko fasaharsa, tunda da ƙyar ake samun cinikin bare da za a gwada da shi. Shi ya sa reshen da ke kukan asara shekara da shekaru, alhali kullum faɗaɗa yake yi, ya cancanci a binciki takardunsa.