Kafin ki sha wani kafso, duba kalandarki

Wata maƙwabciyata a Unguwar Rogo, mai shekara 44, ta same ni bayan Magariba idanunta sun yi ja. Wata biyu ke nan nononta na hagu yana mata ciwo. Ta laluba ta sake lalubawa, babu ƙari, amma barci ya ƙaurace mata. Mai kemis ya riga ya ɗora ta a kan kafso har zagaye biyu. Da yake aikin jinya nake yi, sai ta ce, "Yaya, ki faɗa mini gaskiya, sankara ce?"

Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu ba za su ji daɗinsa ba: yawancin kafson da ake sha saboda ciwon nono asarar kuɗi ne. Ciwo shi kaɗai, ba ƙari ba wata alama, da wuya ya zama sankara. Ita sankarar mama ma ta fi zuwa shiru, ƙari mai tauri da ba ya ciwo.

Tambayar farko da na yi mata ita ce, ciwon yana bin al'ada? Mai bin al'ada shi ya fi yawa. Yakan fara mako ɗaya zuwa biyu kafin jini ya zo, nonon duka biyun su yi nauyi su ciko, musamman sama ta wajen hammata, har rigar mama ta matse. Jini na zuwa sai ya lafa. Sinadaran jiki ne da ke hawa da sauka kowane wata, shi ya sa yake barin mace idan al'ada ta ɗauke. Mai shakka ta sami kalanda ta riƙa sa alama a ranakun ciwo da ranakun jini, wata biyu ko uku. Wannan takardar ta fi wa likita amfani a kan "wallahi kullum yana mini ciwo".

Nata bai bi wannan tsarin ba. Gefe ɗaya ne, ba ruwansa da wata, kuma da na ce ta nuna mini wurin, da yatsa ɗaya ta nuna, kusa da ƙashin ƙirji. Sai na sa ta kwanta ta gefen hagu, nonon ya zame gefe, na danna haƙarƙarin da ke ƙarƙashi. Ta zabura. Na matsa naman nonon kansa, ko gezau. Ashe rijiyarsu ta yi ƙasa a ranin bana, guga take ja safe da yamma, ga daka. Ciwon daga mahaɗar haƙarƙari da tsokar ƙirji yake, nono dai ya yi maƙwabtaka da shi ne kawai. Ina ruwan kafso da wannan? Hutu yake so, da farasitamol, da man shafawa na diklofenak, da rigar mama mai riƙewa da kyau, ba irin wadda muke ɗauka a Taminus da ido ba tare da an auna ba.

Akwai wasu dalilan: shigar ciki, ƙwayar tazarar haihuwa, jakar ruwa a cikin nono, ko kumburin mai shayarwa da ke zuwa da zazzaɓi. Wannan na ƙarshen shi ne mai iya buƙatar kafso, shi ma bayan an duba.

Duk da haka ban sallame ta da bakina ba. Shekarunta sun haura 40, ciwon wuri ɗaya ne, ya kuma daɗe, don haka na ce ta je asibiti likita ya duba da hannunsa. Idan ana buƙatar hoto, masu ƙananan shekaru sikanin aka fi yi musu, daga 40 zuwa sama kuwa mamogiram, wato hoton nono na X-ray.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran kalanda a kansu. Kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko yana fitar da jini ko ruwa da kansa daga gefe ɗaya, ko ya yi ƙuraje masu ɓawo da suka ƙi warkewa. Fata ta lotsa ko ta yi huji-huji kamar ɓawon lemu. Kaluluwa mai tauri a hammata. Sabon ciwo bayan al'ada ta ɗauke. Littattafai suna cewa a lura da ja, to a fatarmu jan ba ya fita sosai. Ki duba ko wurin ya ƙara duhu, yana sheƙi, ya fi ɗayan zafi da girma. Kumburi irin wannan da ya ƙi jin magani bayan mako ɗaya ko biyu, musamman ga wadda ba ta shayarwa, a koma asibiti, don akwai nau'in sankara da ke zuwa a haka ba tare da ƙari ba. Idan kuma ciwon hagu ya zo da haki da gumi, ko yana sauka hannu, a tafi nan take, zuciya ake tsoro.

Maƙwabciyata ta je, an duba, an yi hoto, ba a ga komai ba. Yanzu yaranta ke jan gugan.